Plafon falon Yaya a Tawa: littafin aiki

Litinin, 3 ga Fabrairu 2025

Yaya ya kira daga Abijan, ya ce yana so ya zo ya yi azumi a cikin gidansa, ba a ɗakin baƙi na gidan Baba ba. Ke nan ƙasa da wata guda ya rage mini, ni da yarona, mu rufe saman falo da plako, fallayen nan na filasta masu lulluɓin takarda, mu bar wa mai fenti hanya.

Na auna falon yau da safe. Tsawonsa metir 6 da santi 20, faɗinsa metir 4 da santi 70. Rufin dal ce ta kankare zalla, ba mai urdi ba, wato bulo mai rami, kuma hakan ya yi mini daɗi, don a kankare zalla duk inda ka huda, shebil, abin da ake cusawa a hudar don ƙusa ta kama, zai riƙe, a urdi kuwa sai ka yi ta laluben inda ba rami. Muka ɗauko tiyon ruwa muka zagaye bango huɗu muna ɗiga alama. Dal ɗin ta sauka da kusan santi 3 ta kusurwar gabas. Duk wanda ya auna plafonsa daga jikin dal, to ya kwashi karkacewar mason ya kai ta ƙasa inda kowa zai gani. Daga layin ruwa muke awo. Na bar santi 20 tsakanin dal da plafon saboda bututun wayar kuran, muka buga zare mai bula, layi ya fito shuɗi a jikin bango.

Babbar taga tana jikin gajeren bangon gabas, haske yana shigowa ya bi tsawon falon. Shi ya sa fallayen plako za su kwanta ta tsawo, dogayen haɗi su bi hasken, ƙarafan da ke riƙe su kuma su gitta ta faɗi.

Talata, 4 ga Fabrairu

Mun kafa korniyer, ƙarfen nan mai kusurwa da ke zagaye bango, shebil ɗaya a kowane santi 60. Sanda takwas suka ishe mu.

Da rana na zauna a kan bulo na yi lissafin furur. Furur ita ce sandar ƙarfe mai kwarin ciki wadda ake ɗaure plako a jikinta, irin wadda ake rubuta wa F530, faɗin bayanta bai kai santi 5 ba. Wannan ɗan faɗin shi ne duk filin da bakin falle biyu za su raba idan sun haɗu, kowanne ya samu santi 2 da ɗan wani abu. Saboda haka tazarar furur ba a zaɓenta da ka. Tsawon falle ne ke yanke ta, don dole ƙarshen kowane falle ya faɗo daidai tsakiyar ƙarfe. Mai sayar da kaya a Yamai ya ce mini fallayensa na metir 2 da santi 40 ne, faɗi metir 1 da santi 20, kauri mili 12 da rabi, wato BA13. Santi 240 ya rabu gida huɗu, santi 60 kowanne, kuma santi 60 ita ce iyakar da ƙa'idar Faransa ta wannan aiki, DTU 25.41, ta yarda da ita idan falle ya gitta ƙarfe. Da a ce tare suke tafiya, falle da ƙarfe suna kallon wuri ɗaya, sai an matso zuwa santi 40, don plako ya fi ƙarfi ta tsawonsa.

Layi goma ke nan. Na fara awon daga mili 5 gaban bango, saboda ƴar tazarar da ake bari tsakanin plako da bango. In ka manta da ita, duk layukanka sun goce da rabin santi, kuma a kan ƙarfen da ba ya da faɗi rabin santi ba abin wasa ba ne.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Huda talatin a dal, uku ga kowane layi, don kada tazarar marataya ta wuce metir 1 da santi 20. Shebil na tagulla, sandar ƙarfe mai zare ta mili 6, sai ɗan dokin da ke kama furur a ƙasa. An ɗauke kuran wajen ƙarfe goma sha ɗaya, bai dawo ba sai bayan la'asar. Ƙurar kankare ta mai da yarona kamar wanda ya fito daga injin niƙa.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Furur ta hau. Sandunan na metir uku-uku ne, faɗin falo kuma metir 4 da santi 70, dole kowane layi ya samu haɗi guda. Na sa haɗin layin farko ta kudu, na biyu ta arewa, haka har ƙarshe, don kada su jeru su zama wata ƙwauri mai rauni a tsakiyar plafon. Guntayen da suka rage za su yi mana aiki a lungun shiga ɗakuna.

Daidaita su ya cinye mana yamma. Na ja zare daga korniyer zuwa korniyer a ƙarƙashin kowane jerin marataya, yaro yana murɗa sandar zare, ni ina ƙasa ina cewa sauko, hau, tsaya. Sai furur ta sumbaci zaren ba tare da ta danna shi ba muke wucewa. A nan ne ake yin plafon ya miƙe ko ya yi ciki. Andiwi, kwaɓin da ake shafe haɗi da shi, ba ya gyara abin da ƙarfe ya ɓata, sai dai ya ɗan rufa masa asiri na ƴan watanni.

Malam mai kuran ya zo yana neman inda zai rataye fanka biyu, ya nuna furur da baki. Na ce, "Malam, wannan ƙarfen nauyin plako kawai aka lissafa masa. Fanka tana da nauyi, ga girgiza dare da rana. In ka rataye ta nan, kafin damina haɗin da ke kusa da ita ya tsage, kuma ni za a zaga." Ya yi dariya ya ce ai ya sha yi. Na ba shi injin huda. Ƙugiya biyu yanzu suna cikin dal, kowace da nata shebil, ba ruwansu da ƙarafanmu.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kaya sun iso daga Yamai da hantsi, sun kwana a hanyar Dosso da Ƙwanni. Falle biyu sun daku a kusurwa saboda igiyar da aka ɗaure su da ita, wannan ba komai, za su tafi wurin da ake yankewa. Muka shigar da su falo muka kwantar a kan katako, ba a jingine ba, don falle in ya kwana biyu a jingine sai ya yi baka.

Sai na ɗora metir a kan na sama. Metir 2 da santi 50.

Na sake aunawa, na auna na ƙasa, duk haka suke. Na kira mai kaya, ya ce na 240 sun ƙare, ya ga ai ƙari ne ya yi mini, santi goma kyauta a kowane falle. Ban tsaya jayayya ba, don laifina ne da na huda dal kafin in ga falle da idona. Wanda ya koya mini aikin nan a Abijan ba ya ɗaga injin huda sai kaya sun sauka.

Ga yadda abin yake. Falle mai santi 250 furur ɗinsa a kan santi 50 ake jera ta. Tawa furur ɗin tana kan 60. In na ɗora shi yadda yake, bakinsa zai wuce ƙarfe na huɗu da santi 10, ya tsaya a iska. Yarona ya ce, "Maigida, santi goma ne fa kawai, in aka sa bandi da andiwi ai zai riƙe." Na ɗauko guntun plako na ɗora a bakin tebur, na bar santi goma a waje, na ce ya danna da yatsa. Ya danna, ya ga yana lanƙwasawa. Na ce to ɗaya fallen da zai haɗu da shi fa, shi santi 50 zai yi yana lilo kafin ya samu ƙarfe. Bandi takarda ce. Aikinta ta riƙe fuska biyu da ba sa motsi. In ɗaya yana sama ɗaya yana ƙasa duk lokacin da aka buga ƙofa iska ta tura plafon, layi zai fito siriri kamar gashi, a shafe shi ya dawo.

Hanya biyu ce. Ko in sauke furur in mai da ita kan santi 50, wanda ke nufin layi goma sha biyu, kuma biyu kacal daga cikin tsofaffin za su zauna inda suke, na santi 300 da na 600, sauran sai sabuwar huda talatin da ƙarin ƙarfe daga Yamai. Ko kuma in rage santi goma a fallayen. Na zaɓi kuter, wuƙar yanka falle. Falle goma sha biyu nake bukata ko ta wace hanya, kuma shida daga cikin yankan ma da ma sai an yi su.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Ranar kasuwar Tawa, yaro ya tafi taya mahaifinsa. Ni kaɗai na zauna na zana yadda fallayen za su kwanta, jeri huɗu. Jeri na ɗaya da na uku: 240, 240, 140. Jeri na biyu da na huɗu: 180, 240, 200. Ta haka gajerun haɗin ba sa fuskantar juna, akwai santi 60 tsakaninsu, babu inda kusurwa huɗu suka haɗu suka yi giciye. Giciye shi ne wurin da tsagewa ta fi so, don a nan babu falle ko ɗaya da ke riƙe maƙwabcinsa.

Duk bakin da na yanka da hannu, inda ya yiwu na juya shi ya kalli bango, na bar bakin masana'anta ya haɗu da ɗan'uwansa a kan ƙarfe. Inda bai yiwu ba, na goge bakin ya miƙe, na ɗan fere gefen takardar da kuter, kamar mili 2, don kada gashin takarda ya miƙe a ƙarƙashin andiwi.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Yau aka fara ɗaure plako, kuma yau ce ranar da na fi yawan magana.

Ba mu da injin ɗaga falle. Ƙafa biyu na katako muka haɗa, kowace da gicciyen kai, tsawonta ya ɗan fi tsayin plafon don ta danne fallen sosai. Falle ɗaya ya kusa kilo talatin, a saman kai kuma nauyin ninkuwa yake. Kafin mu ɗaga, na ja layin fensir a fuskar fallen a kowane santi 60, inda ƙarfe zai kasance, don da zarar falle ya hau ba ka ƙara ganin furur. A kan kowane layi na ɗiga wurin bis, ƙusa mai zare, guda biyar: ɗaya kusa da wannan baki, ɗaya kusa da wancan, uku a tsakani, santi talatin-talatin. Layi biyar, bis ashirin da biyar ga cikakken falle. Gefen da ya bi bango kuma ana ƙara masa nasa a jikin korniyer, su ma kowane santi 30.

Bis ɗin baƙaƙe ne masu kai kamar bakin kakaki, tsawon mili 25, kwalinsu an rubuta TTPC 25. Plako ya ci mili 12 da rabi, saura ya ratsa ƙarfe ya fita da kamar santi guda, abin da ake so ke nan. Na sha ganin plafon da aka ɗaure da bis ɗaya a kowane rabin metir don a yi tattalin kwali. Plafon falon nan ya haura kilo 250, kuma duk nauyin yana rataye ne a kan ƴan kawunan bis. In ka rage yawansu, kowane kai ya ɗauki abin da ya fi ƙarfin takardar da ke ƙarƙashinsa, fallen ya soma sauka tsakanin bis da bis. Ba ya faɗowa rana ɗaya. Sai dai wata rana da yamma mai gida ya kwanta a kujera ya ga samansa yana igiyar ruwa.

Nisan bis daga baki shi ma abin lura ne. Kada ya gaza santi 1, a bakin da aka yanka da hannu ma na fi son santi 1 da rabi. In ka matsa baki, farin cikin fallen ya fashe, bis ya zauna a gari. A wurin gajeren haɗi, inda falle biyu ke raba ƙarfe ɗaya, ba na sa bis biyu su kalli juna, nakan goce ɗaya da santi biyu ko uku, don kada su murɗe ƙarfen a wuri guda.

Sai zurfi, wanda shi ne ya fi ba sabon hannu wahala. Ƙarfin plako yana cikin takardar da ta lulluɓe shi. Kan bis ya kamata ya lotsa takardar kaɗan, ƙasa da mili guda, ya yi ɗan gurbi kamar inda aka danna tuwo da yatsa, amma kada ya yaga ta. In ya yaga ya nutse, bis ɗin nan ba ya riƙe komai, ko da yana nan daram a cikin ƙarfe. Injinmu ba ya da abin tsayar da zurfi, sai ɗan kan nan mai zobe da ake saya daban, wanda ke sakin bis idan ya kai. Na ba yarona guntayen santi goma da muka yanke, da guntun furur, na ce ya yi ta ɗaurawa har hannunsa ya gane. Ashe kyautar mai kaya ta yi rana.

Falle biyar muka ɗora kafin magariba. Muna farawa daga gefe ɗaya mu bi zuwa ɗayan, hannu yana danne fallen jikin ƙarfe kusa da inda bis ke shiga. Ba a kama kusurwa huɗu tukuna a dawo tsakiya, in an yi haka ciki ake kullewa a tsakiyar fallen.

Talata, 11 ga Fabrairu

Sauran bakwai sun hau. Jeri na ƙarshe na rage masa faɗi zuwa metir 1 da santi 9, yankan ya kalli bango.

Da muka gama na ɗauki wuƙar shafe mai santi 15 na bi kowane layin bis ina jan ta a kwance. Inda ta wuce shiru, lafiya. Inda ta yi ƙas, kan bis ya fito, a ƙara masa rabin juyi da hannu. Goma sha ɗaya na samu haka. Waɗanda suka yaga takarda bakwai ne, shida a jerin da yaro ya yi bayan azahar da hannunsa ya gaji, ɗaya nawa. Kowanne na sa masa wani sabo santi 5 daga gefensa. Uku kuma sun kuskure ƙarfe gaba ɗaya, suna juyawa ba sa tsayawa. Waɗannan cire su ake yi, don in ka bar su ka shafe, su ne ke turo andiwi daga baya su fito kamar ƙurji.

Na ɗora doguwar rula ta metir 2 a wurare da dama. Ƙa'ida ta yarda da ratar da ba ta wuce mili 5 ba a ƙarƙashinta. Mafi munin da na samu mili 3 ne, kusa da ƙugiyar fanka ta yamma.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Jiya cike ramuka kawai muka yi. Duk inda rata tsakanin falle biyu ta kai a ga duhu a ciki, mun cusa andiwi mai kauri, muka bar shi ya bushe. In ka ɗora bandi a kan rata, andiwin ya janye ciki yayin bushewa, ya ja takardar ta yi kwari.

Yau bandi. Dogayen gefen BA13 a sirance suke daga masana'anta, in biyu sun haɗu sai su yi ɗan kwari mai faɗi, wanda bandi da andiwi za su kwanta ciki su cika shi daidai da fuskar falle. Waɗannan haɗin uku ne, kowanne tsawon falo, kuma ba su da wuya. Ka shafa andiwi ya cika kwarin, ka ɗora bandin takarda a tsakiya, ka bi ta da wuƙa kana matsewa daga tsakiya zuwa ƙarshe har abin da ya yi yawa ya fito ta gefe, sannan ka lulluɓe ta da shafe marar kauri. Matsewar tana da iyaka. In ka matse duka andiwin ya fita, takarda ta zauna a kan busasshen falle, ba abin da ya manne ta.

Mai kaya ya haɗo mini da bandin raga mai manne kanta, wadda kowa ke so yanzu saboda sauri. Na ajiye ta don toshe ramin da mai kuran zai yi kuskure. A plafon takarda nake sa wa, don raga tana miƙewa kaɗan idan aka ja ta, kuma kaɗan ɗin nan ya isa layi ya bayyana a fenti.

Abin da na yi sakaci da shi iska ce. Tagogin ba a sa musu gilashi ba tukuna, iskar ɗari tana ratsa falon, busasshiya ƙaƙas, ga ƙura. Da safe abin ya tafi daidai. Wajen ƙarfe sha biyu na lura andiwin yana yin fata kafin in ɗora bandi, saboda yaro yana gabana yana shafa metir uku a lokaci guda, ni ina biye. Na tsayar da shi, na ce metir ɗaya ɗaya. Muka rataye buhunan siminti da tabarma a tagogin.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ga sakamakon ranar Alhamis. Da asuba, kafin rana ta fito, na manna fitilar waya a jikin plafon ina haska shi a kwance. A dogon haɗi na tsakiya, wajen metir ɗaya da rabi, bandi ta yi kumburi wuri huɗu, kowanne kamar ƙwayar gyaɗa, ɗaya ya kai tsawon yatsa. Na ƙwanƙwasa da farce, sauti ya fito fayau, alamar ba komai a bayanta. Daidai inda muka yi da tsakar rana ne.

Yaro ya ce a ƙara shafe a kai ya ɓace. Ba ya ɓacewa. Ruwan sabon shafen ma ƙara kumbura takardar yake yi. Na yanke kowane kumburi da kuter har inda takardar ta kama sosai, dogon kuma na cire wajen santi 40 gaba ɗaya. Bayan takardar fari fat, ko ɗigon andiwi bai kama ta ba. Na kankare, na share ƙura da ɗanyen soso, na sake shafawa na ɗora sabuwa, bakinta ya taɓa bakin tsohuwar ba tare da ya hau kanta ba.

A nan na gano abu na biyu. Andiwinmu na gari ne mai kamawa da kansa bayan ƴan awoyi. Ranar Alhamis da ya soma tauri a bokiti, yaro ya ƙara masa ruwa ya dama, ya ga ya koma laushi. Irin wannan in ya fara kamawa, ya gama. Ruwa yana mai da shi laushi a ido, amma ƙarfin mannewar ya tafi. Yanzu rabin ƙaramin bokiti muke damawa, a zuba gari a kan ruwa, a bar shi ya jiƙa, a dama, kuma a wanke bokitin tas kafin wani kwaɓin, don ragowar tsohon tana sa sabon ya kama da wuri. Aikin shafe kuma daga bayan sallar asuba zuwa ƙarfe goma sha ɗaya, sai kuma bayan la'asar.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Gajerun haɗi takwas, su ne masu cin rai. A nan babu kwari, baki biyu ne masu cikakken kauri, don haka bandi a saman fuskar take zama, dole ta yi tudu. Tudun ba ya ɓacewa, sai dai a shimfiɗa shi har ido ya kasa kama shi, ga shi kuma su ne suka gitta hasken taga. Na sa andiwin ƙarƙashin bandi siriri iyakar yadda zai manne. Shafe na biyu ban bi ta kan bandin ba, na bi gefenta na dama da na hagu da babbar wuƙa, ina danna bakin da ke waje, har faɗin duka ya kai wajen rabin metir. Inda gajeren haɗi ya iske dogo, na tsayar da bandinsa a bakin ɗayar, don takarda biyu a kan juna tudu biyu ne.

Dogayen haɗin sun samu shafe na biyu, wanda ya wuce na farko da kamar santi 5 ta kowane gefe. Kawunan bis sun samu nasu sau biyu, don na farko kullum yana janyewa ya bar ɗan gurbi. Kusurwar bango da plafon mun naɗe bandi gida biyu a kan layin da ke tsakiyarta muka zagaye. Duka-duka bandin da falon ya ci ya kai metir hamsin.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Shafe na uku jiya, ruwa-ruwa, yau gugar takarda mai laushi, lamba 180. Na hana yaro taɓa fuskar fallen kanta, don in takardar ta yi gashi, fenti zai nuna shi.

Yaya ya kira ta bidiyo ya ce in nuna masa. Na juya wayar sama. Ya ce, "Ƙanena, wannan zane-zanen fari da toka fa, haka zai zauna?" Na ce sai an sa farin share fage tukuna, wanda ke hana andiwi da takarda shan fenti daban-daban, in ba haka ba ko an yi fenti sau uku zai riƙa ganin kowane haɗi daga kujerarsa. Ya ce in faɗa wa mai fenti da bakina, kuma in tsaya a kansa.

Bayan isha na koma da fitila. Bakwai daga cikin gajerun haɗin sun kwanta. Na takwas, wanda ke jeri na biyu, santi 200 daga taga, yana jefa ƴar inuwa ta gefen yamma, rula ta santi 20 tana ɗan rawa a kansa. Na zagaye shi da fensir. Gobe da asuba zan ƙara masa faɗi da santi goma ta wannan gefen, mai fenti ya jira zuwa Asabar.